Yadda ake ƙiyasta nauyin tsibin hatsi da tef, katako da bokiti

Idan aka zuba busasshen hatsi daga sama ta baki ɗaya, aka bar shi ya zauna da kansa, ba ya tsayawa yadda ya ga dama. Ƙwayoyin za su yi ta gangarowa har sai gefen tsibin ya kai wani karkata da ba ya wucewa, daga nan duk abin da aka ƙara sai dai tsibin ya ƙara faɗi da tsawo tare, gangarar kuwa tana nan yadda take. Shi ya sa tsibin masara mai buhu goma da mai buhu dubu suke da siffa ɗaya, kamar mazurari da aka kife. Wannan hali na hatsi shi ne ya ba mu damar sanin tsawon tsibi ba tare da an hau shi ba. Wanda ya san faɗin gindin da gangarar gefen ya san wurin da hatsin ya ci, wanda kuma ya san nauyin hatsin da ke cika lita ɗaya, sauran aikin na kalkuleta ne.

Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin awo mai tsawo ko igiyar da ba ta miƙewa, miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 1 cif, lebur irin na magina mai ɗigon ruwa a tsakiya, rula, bokiti mai ƙarfi wanda bakinsa bai lanƙwashe ba, da sikeli. Zan bi aikin da misali guda tun daga farko har ƙarshe, tsibin ɓararriyar masara a kan daɓen siminti, wanda aka zuba da inji ta baki ɗaya.

Kafin ka ɗauko tef, zagaya tsibin ka dube shi da kyau. Lissafin nan yana aiki ne a kan tsibin da ya zauna da kansa. Wanda aka tara da shebur, ko aka ture shi da mota, ko aka riga aka fara ɗiba daga gefe ɗaya, gangararsa ba ta hatsin ba ce, ta hannun mutane ce, kuma kowane ɓangare da tasa. Irin wannan sai dai a rarraba shi a auna kashi-kashi.

Gindin tsibi, inda kuskure ya fi tsada

Abin da muke nema shi ne rabin faɗin gindin, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar tsibin da bakinsa. Ba za ka iya ratsa tef ta cikin hatsi ba, don haka sai ka auna kewayen, ka raba da 6.283. A misalinmu kewayen ya ba da mita 44, ka raba ka sami mita 7.

Tambayar da ke rikitar da mutane ita ce: ina ne bakin tsibin? Kowane tsibi yana da wani zani na ƙwayoyin da suka yi tsalle suka watsu a ƙasa, ko kuma wani ɗan shimfiɗaɗɗen lebe a gindi inda gangarar ta kwanta. Idan ka bi bayan wannan da tef, ka auna hatsin da babu shi. Dabarar ita ce ka jingina katakonka a jikin gangarar, ka zame shi ƙasa har kansa ya taɓa daɓe. Inda ya taɓa nan ne bakin gaskiya. Yi alama da alli, ka yi haka a wuri goma ko sha biyu kewaye da tsibin, sannan ka bi alamomin da tef, yana kwance a ƙasa, ba a ja shi ya hau kan hatsin ba.

Na dage a kan wannan ne saboda rabin faɗin yana shiga lissafin har sau uku: sau biyu a filin gindi, sau ɗaya a tsawo. Kuskuren kashi 1 cikin ɗari a nan yana zama kashi 3 cikin ɗari a nauyi. Da a ce mun bi bayan watsattsun ƙwayoyin nan muka sami mita 45.5 maimakon 44, bambancin da ido ba zai ma kula da shi ba, da amsarmu ta kumbura da fiye da kashi 10 cikin ɗari. A wannan tsibin, wajen tan 11 ke nan na iska.

Idan gindin ya ɗan yi siffar ƙwai, kada ka damu matuƙar bambancin ba shi da yawa, kewayen zai daidaita shi. Idan kuwa tsawon ya fi faɗin nesa ba kusa ba, to dogon tsibi ne, lissafinsa yana tafe a ƙasa.

Gangara

Littattafan adana hatsi suna ba da kusurwar da kowane iri yake tsayawa a kai idan ya bushe kuma yana da tsabta. Masara tana wajen digiri 21 zuwa 25, alkama da waken soya wajen 25, dawa da sha'ir sun ɗan ɗara haka, shinkafa shanshera kuwa, saboda kaushin ɓawonta, takan haura digiri 30 sosai. Waɗannan alƙaluma suna da amfani wajen gane ko awonka ya kauce hanya, amma ban yarda a gina lissafi a kansu ba alhali tsibin yana gabanka. Hatsi mai laima ya fi tsayawa a miƙe, don ƙwayoyin suna kama juna. Haka ma mai ƙaiƙayi da tsaki. Bambancin digiri ɗaya tak, daga 23 zuwa 24, yana sauya amsar da wajen kashi 5 cikin ɗari.

Ga yadda ake aunawa ba tare da ma an san digiri ba. Tsaya a gindin tsibin, ka miƙa hannu zuwa inda gangarar take miƙe sosai, sama da leben nan na ƙasa. Ɗora kan katakon guda a jikin hatsin a hankali, kada ka danna shi ya nutse. Ɗaya kan yana fuskantarka, yana reto a iska. Ɗora lebur a kai ka daidaita har ɗigon ruwan ya zauna a tsakiya. Sai abokin aikinka ya sa rula a tsaye, ya auna daga ƙarƙashin kan da ke reto zuwa fuskar hatsin da ke ƙasa da shi. Tun da katakon mita 1 ne, abin da rula ta nuna shi ne yawan saukar da tsibin yake yi a kowace mita ɗaya ta faɗi.

Katakon ya kasance yana nuna tsakiyar tsibin kai tsaye. Idan ya karkace gefe, gangarar da za ka samu za ta fi ta gaskiya kwanciya. A misalinmu an auna wuri biyar, aka sami santimita 41, 43, 42, 44 da 40. Matsakaicinsu 42, wato mita 0.42 a kowace mita. Wannan lambar ita ce malaman lissafi suke samu idan suka danna `tan` a kalkuleta a kan kusurwar (sunan ya yi kama da tan na nauyi, amma babu dangin iya babu na baba a tsakaninsu). 0.42 ya yi daidai da kusan digiri 23, wanda ya dace da busasshiyar masara, don haka hankali ya kwanta. Mai auna kusurwa da wayar hannu yana iya kwantar da katakon a jikin gangarar, ya ɗora wayar a kai, ya karanta digiri, sannan ya danna `tan`. Digiri 20 yana ba da 0.364, 25 yana ba da 0.466, 30 kuma 0.577.

Idan awon wuri biyar ɗin ya warwatse, wani 36 wani 50, tsaya ka sake duba tsibin. Ko dai an taɓa shi, ko kuma hatsi iri biyu ne aka zuba, busasshe da ɗanye. Gefen da aka ɗiba daga ƙasa yakan fi tsayawa a miƙe fiye da wanda aka zuba daga sama, kuma ba a haɗa su a matsakaici ɗaya.

Akwai wata hanya da mutane suke so, ta wurga igiya ta kan ƙoƙuwar tsibin daga wannan baki zuwa wancan, a fitar da tsawo daga nan. A takarda tana da kyau, a fili kuwa ba ta da amana idan gangarar a kwance take. A tsibinmu, daga baki zuwa ƙoƙuwa ya kamata igiya ta ba da mita 7.59. Bari ta ɗan nutse cikin hatsi ta ba da 7.50, santimita 9 kacal, sai tsawon da za ka lissafa ya faɗo daga mita 2.94 zuwa 2.69. Ga shi kuma sai wani ya hau ya gyara igiyar, hawan kuwa yana rusa gangarar da ake son aunawa. Hawan babban tsibi ma haɗari ne, musamman idan ana janye hatsi ta ƙarƙashinsa: yakan haɗiye mutum cikin daƙiƙu kaɗan, kuma wanda ya nutse zuwa ƙugu da wuya ya iya zare kansa.

Wurin da hatsin ya ci

Yanzu sai lissafi. A nan `r` rabin faɗi ne, `g` gangarar da aka auna, `h` tsawo, `V` kuma girman tsibin a kubik mita.

```
h = r × g
V = 1.047 × r × r × h
```

Tsawon tsibinmu 7 sau 0.42, wato mita 2.94. Girmansa 1.047 sau 49 sau 2.94, ya ba da kubik mita 151 idan aka cike. Lambar 1.047 ba wani sirri ba ce, 3.1416 ce aka raba uku, domin tsibi mai tsini yana cin sulusin wurin da ganga mai faɗinsa da tsawonsa za ta ci.

Za ka lura cewa ƙoƙuwar tsibin gaske ba ta da tsini kamar ta zane, takan ɗan dakushe. Mutane suna damuwa da wannan fiye da kima. Ko da an fille kan har ya bar fili mai rabin faɗin mita 1, abin da ya tafi bai kai rabin kashi 1 cikin ɗari ba, domin nauyin tsibi a ƙasa yake. Sai filin saman ya yi faɗi ne ake cire shi. A ce an baje kan har rabin faɗinsa ya kai mita 3: sai ka lissafa ƙaramin tsibin da ya ɓata da wannan gangarar, tsawonsa 3 sau 0.42 wato 1.26, girmansa 1.047 sau 9 sau 1.26, kusan kubik mita 12, ka debe daga 151.

Abin da ya fi ƙoƙuwa cancantar damuwa shi ne daɓen da ba a gani. Gindin tsibinmu ya rufe murabba'in mita 154. Idan ƙasan ta lotsa da santimita 5 kawai a ko'ina, akwai ƙarin kubik mita 7.7 a ɓoye, fiye da tan 5 na masara. Idan kuma tudu ne a tsakiya, asarar ta juya. Tambayi wanda ya ga wurin kafin a zuba.

Nauyin lita ɗaya

Kubik mita ɗaya na hatsi ba hatsi ne zalla ba, akwai iska a tsakanin ƙwayoyin, a masara ma takan kai wajen kashi 40 cikin ɗari na wurin. Don haka nauyin da muke so shi ne na hatsi tare da iskarsa, kamar yadda yake zaune a tsibi. Alƙaluman da aka saba da su sun ce kubik mita na masara ko dawa yana wajen kilo 720, alkama 770, sha'ir 620, shinkafa shanshera 580. Amma masarar da ƙwari suka rarake, ko wadda fari ya kama ba ta cika ido ba, tana iya faɗowa ƙasa da 680, kuma ba za ka gane da kallo daga nesa ba. Bokiti ne zai gaya maka.

Fara da auna bokitin kansa, kada ka yarda da abin da aka rubuta a jikinsa. Ɗora shi babu komai a sikeli ka rubuta. Cika shi da ruwa har baki ka sake aunawa, ka debe nauyin bokitin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka abin da ya rage shi ne ainihin cikinsa. Namu, wanda ake kira na lita 20, ya ɗauki kilo 20.4, wato lita 20.4. Zubar da ruwan, ka bari ya bushe ƙayau.

Wajen ɗibar samfur akwai abin lura. Lokacin da ake zuba hatsi ta baki ɗaya, tsaki da gari da ƙananan ƙwayoyi suna taruwa a tsakiya ƙarƙashin bakin, manyan ƙwayoyi suna gangarawa gefe, ƙaiƙayi kuma iska tana kai shi can baki. Wanda ya yashi fuskar tsibin daga gindi kawai ya ɗauki hatsin da ya fi rashin nauyi. Zura hannu ko ƙarfen ɗibar samfur ciki gwargwadon iko, daga wurare da yawa, ka haɗa a kan tamfol ka cakuɗa.

Sai cikawa. Zuba hatsin a tsakiyar bokitin daga ɗan sama kaɗan, kamar faɗin tafin hannu, da zubi ɗaya mara yankewa, har ya yi tozo ya zube ta gefe. Kada ka girgiza, kada ka bubbuga, kada ka danna da hannu. Girgiza kaɗai tana iya ƙara kashi da yawa cikin ɗari, kuma shi ne abin da hannu yake yi da kansa idan ba a hana shi ba. Share tozon da katako a kan bakin bokitin har ya yi daidai, ka auna, ka debe nauyin bokiti. Yi haka sau uku. Idan awo ukun sun bambanta da fiye da giram 200 ko makamancin haka, zubinka ne ba iri ɗaya ba, sake yi.

Namu ya ba da matsakaicin kilo 14.6. Raba da 20.4, ka sami kilo 0.716 a lita, wato kilo 716 a kubik mita, tun da kubik mita lita 1,000 ce. Idan ka ga takardar ɗakin gwaji ta rubuta 71.6 kg/hl, magana ɗaya ce, su da lita 100 suke lissafi.

Saura a haɗa: 151 sau 716 ya ba da kilo 108,000 da 'yan kai, wato tan 108, ko buhu 2,160 masu kilo 50.

Hatsin da ke can ƙasan tsibi ya fi na bokiti matsuwa saboda nauyin da ke kansa, kuma tsibin da ya kwana biyu ya fi sabon zubi zama. Wannan yana nufin lissafinmu ya fi karkata ga ragi kaɗan. A tsibi mai mita 3 abin bai taka kara ya karya ba, ni ba na ƙara komai. A dogon rumbun ƙarfe mai zurfin mita goma ko fiye ne ake sa masa gyara na musamman.

Dogon tsibi da wanda ya jingina da bango

Idan bakin zubin ya yi ta matsawa a kan layi, tsibin yakan fito dogo mai doro, kawunansa biyu a zagaye. Yanka shi uku a zuci. Kawunan biyu, idan ka haɗa su, cikakken tsibi zagayayye ne mai rabin faɗin da ya yi daidai da rabin faɗin dogon. Tsakiyar kuma kamar rufin ɗaki mai gangara biyu take, girmanta rabin faɗi sau tsawo sau tsawon doron.

A ce faɗin mita 10 ne, tsawon gindin daga kai zuwa kai mita 24, gangara 0.42. Rabin faɗi 5, tsawo 2.1. Kawunan biyu sun ci 1.047 sau 25 sau 2.1, kubik mita 55. Doron ba 24 ba ne, 24 ne a debe faɗin 10, saura 14, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Tsakiyar ta ci 5 sau 2.1 sau 14, kubik mita 147. Jimla 202, a kan kilo 716, kusan tan 145. Duba doron daga gefe kafin ka amince: idan yana hawa yana sauka kamar raƙuma a jere, faɗin gindin ma yana shiga yana fita, sai ka auna faɗin a wurare da yawa ka lissafa tsakiyar guntu-guntu.

Wanda aka zuba a jikin bango, ƙoƙuwarsa tana taɓa bangon, rabin tsibi ne: rabin faɗinsa shi ne daga bango zuwa baki, ka lissafa cikakke ka raba biyu. Na lungu inda bango biyu suka haɗu, ka raba huɗu. A nan ma akwai sauƙi, don tsawon yana zane a jikin bango, kana iya auna shi ka gwada da abin da gangara ta ba ka.

Laima, da yadda za ka faɗi amsar

Tan 108 ɗin nan nauyin hatsin ne a yau, da ruwan da ke cikinsa. Idan za a busar da shi ko za a karɓe shi a kan wani ma'aunin laima, sai a juya. A nan `W1` nauyin yau ne, `m1` laimar yau, `m2` laimar da ake so.

```
W2 = W1 × (100 − m1) ÷ (100 − m2)
```

Idan na'urar gwajin laima ta nuna kashi 17, ana son 14, sai 108 sau 83 a raba da 86, ya ba da tan 104.2. Kusan tan 4 ruwa ne da zai bi iska. Kuma da zarar an busar, awon bokiti da na gangara duk sun tashi aiki, domin busasshiyar masara ta fi nauyi a lita kuma tsibinta ya fi kwanciya. Ba a ɗaukar gangarar yau a haɗa da bokitin makon jiya.

Wajen rubuta sakamako, kada ka kwafe duk lambobin da kalkuleta ta zubo. Lissafa abin da zai iya kaucewa: santimita 40 a kewaye ya kusa kashi 3 cikin ɗari, santimita 1 a rula fiye da kashi 2, giram 200 a bokiti fiye da kashi 1, ga daɓen da ba ka gani ba. Ba lallai su taru a gefe ɗaya ba, wani yakan goge wani. A tsibi mai kyan siffa a kan shimfiɗaɗɗen daɓe, ni nakan ba da sarari na kashi 5 cikin ɗari sama da ƙasa, in rubuta tan 103 zuwa 113. Wanda aka taɓa da shebur ko yake kan ƙasa mara daidai, kashi 10. Wannan ya isa a san motoci nawa za a kira, buhu nawa za a tanada, ko maganin ƙwari nawa za a auna. Bai isa a biya kuɗi a kai ba, wannan aikin sikeli ne.

Ranar da aka kwashe tsibin aka auna shi, nemi jimlar ka raba ta da ƙiyasinka. Idan sikeli ya ce tan 111 kai ka ce 108, rubuta 1.03 a littafinka tare da irin hatsin, laimarsa da wurin da aka zuba shi. Bayan tsibi uku ko huɗu a daɓe ɗaya, idan lambar tana ta fitowa kusa da juna, sai ka riƙa ninka sabon ƙiyasi da ita.